Cinikin albashi ta imel: yadda ake cewa "albarka" ba tare da an rasa aikin ba

 Ina gaida mutanen Fezzan, da maƙwabtanmu na Hausari da Shehuri da Limanti, da duk wanda ke jin muryata a cikin birnin Maiduguri da kewaye.

Yau zancen ciniki za mu yi. Unguwar Fezzan kanta sunan ciniki gare ta, domin ta samo sunanta ne daga yankin Fezzan na kudancin Libiya, ta inda fatake suka riƙa ketowa hamada suna shigowa Borno da hajarsu. Har yanzu in ka shiga Monday Market za ka ga yarinya ƙarama ta tsaya tana taya atamfa, mai kanti ya ce "albarka", ta ƙara, ya ce "albarka", har su daidaita ya sallama, a rabu da fara'a. Babu wanda ya ji haushin wani. To amma yarinyar nan in ta girma, ta gama Jami'ar Maiduguri ko Ramat Polytechnic, wata ƙungiya ta aiko mata da takardar tayin aiki ta imel, sai ka ga kunya da tsoro sun rufe ta. Cikin minti biyar ta amsa cewa ta gode, ta amince. Kuma wannan ne ciniki mafi girma da za ta yi a shekarar, tunda da kuɗin za ta ci, ta biya haya, ta taimaki iyaye.

Na san dalilin tsoron. Tun daga watan Janairun 2025, da gwamnatin Amurka ta dakatar da yawancin tallafin da take bayarwa ta hukumar USAID, ƙungiyoyin agaji da dama a nan Borno sun rage ma'aikata, wasu ayyukan ma an rufe su ɗungurungum. Mai neman aiki yana ganin in ya buɗe baki za a janye tayin a ba wani. Ga kuma tsadar rayuwa tun daga ranar 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafin man fetur, wadda ta sa kowa na so ya damƙe abin da ya samu. Sai dai ku dubi lamarin ta ɓangaren jami'in ɗaukar ma'aikata. Ya tallata gurbin, ya tace takardun masu nema, ya shirya jarrabawa, ya tara mutane sun yi ganawa, ya tuntuɓi waɗanda suka san aikinka, sannan aka zaɓe ka. Duk wannan makonni ne na wahala. Ba ya son ya koma baya saboda ka yi tambaya cikin ladabi. Abin da ke sa a janye tayi shi ne ƙarya, ko gatsali, ko yin shiru har wa'adi ya wuce.

Bari in kafa misali da wata ƙanwata, 'yar unguwarmu. Ba zan faɗi sunanta ba, ba kuma zan faɗi sunan ƙungiyar ba, kuɗaɗen ma na ɗan daidaita su don lissafi ya yi sauƙin ji a rediyo. Tana aiki a cikin gari, abin da ke shiga asusunta duk wata naira 340,000 ne. Sai wata ƙungiyar agaji ta ɗauke ta a matsayin jami'ar kula da abinci mai gina jiki, wurin aiki Monguno, kwantiragin wata goma sha biyu, albashi naira 450,000. An ce ta amsa cikin kwana uku, ta fara aiki bayan mako biyu. Ta shigo gidanmu da wayarta a hannu bayan sallar Magariba, tana murna, ta ce, "Yaya, an ƙara mini dubu ɗari da goma." Na karɓi wayar, na ja rubutun da yatsa biyu ya girma, sai na ga kalmar da ke gefen kuɗin: Gross.

A nan mutane da yawa ke faɗuwa, don haka zan ɗan daɗe a kai. In ka ga Gross a takarda, ana nufin albashi kafin a cire komai. In ka ga Net, shi ne abin da zai iso hannunka. Abu biyu ne manya ake cirewa. Na farko fansho: dokar fansho ta 2014 ta ce a cire wa ma'aikaci aƙalla kashi 8 cikin ɗari, shi kuma mai ba da aikin ya zuba aƙalla kashi 10 daga aljihunsa. Na biyu haraji. A sabuwar dokar haraji da ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2026, naira 800,000 na farko a shekara ba a taɓa su, naira miliyan 2.2 da ke biye ana cire kashi 15, miliyan 9 da ke bin su kuma kashi 18.

Muka ɗauko biro da bayan ambulan. Kashi 8 na 450,000 shi ne 36,000, in an lissafa fanshon a kan dukan kuɗin. Harajin abin da ya rage ya kai kusan 57,000 a wata, kafin rangwamen da doka ta yi wa mai biyan kuɗin haya. Abin da zai shiga asusunta ke nan kimanin naira 357,000. Ta dubi ambulan ɗin ta yi shiru. Ƙarin da take murna a kai bai wuce dubu goma sha bakwai ba, kuma da shi za ta bar gidan iyayenta ta koma Monguno, ta ci abinci a can, ta riƙa zirga-zirga.

Saboda haka imel ɗin farko ba na ciniki ba ne. Na godiya ne da tambaya, kuma a tura shi a ranar da tayin ya zo, ko da safiyar washegari. Yawancin wasiƙun nan da Turanci ake rubuta su, amma zan faɗa muku ma'anar abin da ta rubuta da Hausa. Ta ce:

"Malama, barka da aiki. Na ga takardar tayin, na gode ƙwarai da amincewar da kuka yi da ni, kuma ina farin cikin samun damar aiki da ku a Monguno. Kafin in ba da amsa ranar Alhamis kamar yadda kuka nema, ina so ki taimaka mini da bayani a kan abu uku: yadda aka kasa albashin da abin da zai rage bayan cire-cire, matakin da aka ajiye ni a kai a tsarin albashinku, da kuma ko akwai masauki da alawus na aiki a wajen gari. Na gode."

Ku lura ba ta ce ta amince ba, ba ta kuma ce ta ƙi ba. Ta maimaita ranar wa'adin da bakinta, don jami'ar ɗaukar ma'aikata ta san ba ja mata rai ake yi ba. Kuma ta danna Reply ne a kan imel ɗin da aka aiko mata, ba ta buɗe sabo ba, domin duk maganar ta zauna a zare ɗaya, gobe in an yi musu a ga wa ya ce me.

Tambayar mataki ita ce mabuɗin cinikin. Manyan ƙungiyoyin agaji ba sa yanka albashi da ka. Suna da jadawali, kowane muƙami da ajinsa, a takarda za ka ga an rubuta Grade, a cikin kowane aji kuma akwai matakala, wato Step. Ajin na muƙamin ne, jami'in ɗaukar ma'aikata ba zai iya sauya shi don kai ba, musamman da yake kuɗin gurbin an riga an rubuta shi a kasafin da mai ba da tallafi ya amince da shi. Amma matakalar tana iya motsi, kuma sau da yawa sabon ma'aikaci a ta farko ake ajiye shi in bai yi magana ba. Wanda ya ce kawai "a ƙara mini kuɗi" ya ba jami'in aikin da ba shi da hurumin yi. Wanda ya ce "a duba shekarun aikina a ajiye ni a matakala ta huɗu" ya ba shi abin da zai ɗauka ya kai wa shugabansa a sa hannu. Ina so ku riƙe wannan: shi jami'in nan dillali ne tsakaninka da mai yanke hukunci, kuma wasiƙarka zai tura sama yadda take. Ka rubuta ta yadda ba zai ji kunyar tura ta ba.

Ba ko'ina wannan ke aiki ba. A aikin gwamnati, albashi yana bin matakin da doka ta tsara, babu ciniki. Hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya ma suna da ƙa'idojin da ke tsara matakalar shiga, wurin motsi kaɗan ne. Inda ciniki ya fi tafiya shi ne ƙungiyoyi masu zaman kansu, da kamfanoni, da makarantu da asibitocin kuɗi.

Amsa ta zo wa ƙanwata washegari. Lissafinmu ya yi daidai da nasu, an ajiye ta a matakala ta farko, akwai masauki a gidan ma'aikata, ba a ce komai ba a kan alawus. A nan ne muka zauna rubuta imel na biyu, kuma sai da muka goge shi sau biyu. Na farko da ta rubuta duk ban haƙuri ne: a yi mata afuwa, ba don ta raina ba ne, in ba zai yiwu ba babu komai. Na ce mata, "Ƙanwata, kin taya kuma kin janye tayin da kanki a layi ɗaya." Wanda ya ce in ba zai yiwu ba babu komai, ya riga ya rubuta wa jami'in amsar da zai bayar. Na biyun kuma ya koma labarin gida: mahaifiya ba lafiya, ambaliyar Alau ta watan Satumban 2024 ta ci musu kaya, ga kuɗin makarantar ƙanne. Duk gaskiya ne, kuma duk wanda ya zauna a garin nan a lokacin ya san abin da ruwan ya yi. Amma jami'in ba zai iya cike takarda ya ce a ƙara wa wance albashi saboda tana da buƙata ba, tunda kowa a ofishin yana da tasa. Hujjar da ke wucewa ita ce wadda ta shafi aikin. Ga wanda muka tura:

"Malama, na gode da wannan bayani, ya warware mini komai. Ina son aikin nan, kuma a shirye nake in karɓa. Abu biyu nake so a duba. Tallar gurbin ta nemi gogewar shekara biyu, ni kuma ina da shekara biyar a wannan fanni, biyu daga ciki a wajen gari na yi su, ina kuma jin Kanuri da Hausa. Bisa wannan ina neman a ajiye ni a matakalar da za ta kai albashin naira 520,000 kafin cire-cire. Sannan wurin da nake aiki yanzu yana buƙatar sanarwar wata guda, don haka ina neman a matsar da ranar farawa zuwa ɗaya ga wata mai zuwa bayan wancan wa'adi. In an daidaita waɗannan biyun, zan sa hannu a ranar da sabuwar takarda ta iso. Na gode da ɗawainiyarki."

Mu ɗan warware ta. Taushin wasiƙar yana farkonta da ƙarshenta, a gaisuwa da godiya da faɗin cewa tana son aikin. Tsayuwar kuma tana tsakiya, a lamba ɗaya tak. Ba ta ce tsakanin 480,000 da 520,000 ba, domin duk wanda ka ba shi tsakani, ƙasan zai ɗauka, kamar yadda kai ma za ka yi a kasuwa. Lambar kuma ba daga sama ta faɗo ba. Mun lissafa mun ga 520,000 zai bar mata kusan 410,000 a hannu, ta kuma tambayi mutum biyu da ke irin wannan aiki a wasu ƙungiyoyin don ta san ba ta wuce gona da iri ba. A ranta ta riga ta yanke cewa in abin da zai iso hannunta bai kai 380,000 ba, zamanta a inda take ya fi mata. Wannan lambar ta ƙasa ba a rubuta ta, ba a faɗa wa kowa a ofishin, amma dole ka san ta kafin ka fara, in ba haka ba duk inda aka ja ka za ka bi.

Jimlar da na fi so a wasiƙar ita ce ta kusa da ƙarshe, inda ta ce in an daidaita za ta sa hannu a ranar. Babban abin da jami'in ɗaukar ma'aikata ke tsoro shi ne ya je ya roƙi shugabansa, a ƙara, sannan ka dawo da sabuwar buƙata, ko ka ɗauki takardarsu ka kai wa tsohon wurin aikinka don su ƙara maka. Da ka ce ga abin da zai rufe cinikin, ka ba shi ƙarfin guiwar tsaya maka. Shi ya sa nake cewa a haɗa duk buƙatu a imel ɗaya, kada su wuce biyu ko uku. Yau albashi, gobe hutu, jibi masauki, wannan shi ke gajiyar da mutane har su fara tunanin wanda ya zo na biyu a ganawa.

Akwai kuma abin da nake roƙonku da girman Allah ku guje masa. Kada ka ce wata ƙungiya ta ba ka tayi in ba ta ba ka ba, kada kuma ka ƙara wa albashinka na yanzu gishiri. Wasu wuraren suna neman takardar biyan albashi ta watannin baya. Kuma Maiduguri, duk girmanta, jami'an nan sun san juna, suna haɗuwa a taruka, suna kiran juna a waya. Ƙarya ɗaya za ta bi ka ofis-ofis.

Kwana biyu ba amsa. Ƙanwata ta kasa cin abinci, ta ce, "Yaya, ka ja mini." Shirun irin wannan yawanci alama ce cewa wasiƙar ta hau sama, ana jiran sa hannu, wani lokacin ma daga Abuja. Abin yi shi ne a jira kwana biyu ko uku na aiki, sannan a tura layi biyu: ina tuni a kan saƙona, kuma tunda wa'adin amsa ya zo, ina fata za a ɗaga shi har a gama dubawa. Ba a bin jami'i da kira sau goma, ba a tura masa saƙon murya a WhatsApp da dare, ba a kuma tura wani babba ya yi maka magana, domin a irin waɗannan wurare hakan na iya zama laifi a kanka.

A rana ta uku jami'ar ta kira ta a waya. Ta ce 520,000 ya fi ƙarfin kasafin aikin, iyakar abin da aka amince shi ne matakala ta uku, naira 485,000, an kuma yarda da ɗaga ranar farawa. Muka sake komawa bayan ambulan: zai bar mata kusan 383,000. Ya haura lambarta ta ƙasa, ga masauki kyauta. Ta karɓa. Da a ce an tsaya a 450,000 an ce iyaka ke nan, da saura hanya biyu: ko ta nemi abin da ba albashi ba ne, kamar a rubuta cewa za a sake duba matakalarta bayan watannin gwaji, ko ta yi godiya ta ce albarka. In jami'i ya faɗa maka sau biyu cewa wannan ne ƙarshe, ka yarda da shi. Matsawa ta uku ba ta ƙara ko kwabo, sai dai ta ɓata farkon zama.

Sai dai fa maganar waya iska ce. Na sa ta zauna a take ta rubuta: "Malama, na gode da kiran da kika yi yau. Kamar yadda muka yi magana, albashi zai zama naira 485,000 a wata kafin cire-cire, a matakala ta uku, da masauki a Monguno, da sabuwar ranar farawa. Ina jiran takardar da aka gyara in sa hannu." Jami'ai suna sauya wurin aiki, shugabanni suna tafiya, wanda ya yi maka alkawari yau wataƙila ba ya nan bayan wata huɗu, kuma ofishin kuɗi abin da ke rubuce kawai yake biya. Dokar ƙwadago ta Najeriya ta wajabta a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin wata uku da farawa, amma kai kada ka jira wata ukun nan. Ita ma ba ta miƙa takardar ajiye aiki a tsohon wurinta ba sai da sabuwar takarda ta iso da sa hannu, ta karanta ta layi-layi ta ga lambar da ranar sun yi daidai. Kada a saki reshe a kama ganye.

Da sabuwar takardar ta zo, mun duba wasu abubuwa biyu da ba a ciniki a kansu domin haƙƙi ne. Ɗaya, kashi 10 na fansho da ƙungiyar za ta zuba yana saman albashin, ba a cusa shi cikin 485,000 ɗin ba. Biyu, inshorar rai ta ma'aikata, wadda dokar fansho ta 2014 ta ɗora wa mai ba da aiki, ta aƙalla ninki uku na albashin shekara. Ga mai zuwa aiki Monguno ko Dikwa ko Ngala, wannan ba ƙaramar magana ba ce ga iyalinsa.

Gargaɗi ɗaya kafin lokaci ya cimmana. Duk abin da na faɗa yana aiki ne in tayin na gaskiya ne. Ku dubi adireshin da imel ɗin ya fito: bayan alamar @ sunan ƙungiyar ya kamata ya biyo, kamar yadda yake a shafinta. In an ba ka aiki ba ka yi ganawa ba, ko an ce ka tura kuɗin fom, ko na horo, ko na katin shaida, to 'yan damfara ne. Ƙungiyar kirki ba ta karɓar ko sisi a hannun mai neman aiki.

Iyaye da yayye da ke saurare, in yaronku ya zo da irin wannan takarda, kada ku ce masa ya yi maza ya karɓa kafin a fasa. Ku ba shi biro da takarda, ku zauna tare ku fitar da abin da zai iso hannunsa, ku bar shi ya kwana a kai, da safe ya tura godiyarsa da tambayoyinsa. Allah ya ba masu nema halaliyarsu, ya sa albarka a abin da aka samu.